Idan Kamfani Ya Karye, Wa Ake Fara Biya?

Manoma da 'yan kasuwa na Tambuwal da Kebbe da ke ba kamfanoni amfanin gona bashi sukan ɗauka cewa in kamfani ya karye, wanda ya riga kai kuka shi ake fara biya. Ba haka doka ta tsara ba.

Bisa Dokar Kamfanoni ta 2020, wanda ke bin kamfani bashin da ya kai adadin da aka ƙayyade, ya aika masa da takardar neman biya, mako uku suka wuce ba a biya shi ba, yana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rushe kamfanin. Idan kotu ta amince, sai a naɗa wakili wanda zai tattara dukiyar kamfanin, ya sayar, ya raba kuɗin daki-daki.

A ce wani kamfanin casar shinkafa ya karye, aka sayar da dukiyarsa duka a kan Naira miliyan 100. Na farko shi ne bankin da aka jinginar wa ginin masana'antar. Daga kuɗin ginin zai ɗauki miliyan 50 da yake bi. Sai a cire miliyan 5 na ɗawainiyar rushewar. Daga nan sai waɗanda doka ta fifita, watau albashin ma'aikata da kuɗin fanshonsu da harajin gwamnati, a ce miliyan 15. Bayansu sai mai jinginar da ba ta tsaya kan kadara guda ba, irin wadda ta hau kayan da ke shiga sito suna fita, ya karɓi miliyan 10.

Saura miliyan 20 ke nan, ga shi kuwa masu bin bashi ba tare da jingina ba suna bin miliyan 80. A nan manomi yake. Ba a fifita wani a cikinsu, sai a ba kowa kwabo 25 a kan kowace Naira. Manomin Kebbe da ke bin Naira 400,000 zai tashi da 100,000. Masu hannun jari su ne na ƙarshe, ba su samun ko kwabo.

Irin wannan rabo ya faru a zahiri. A ran 3 ga Yuni, 2024, Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin Bankin Heritage. Dokar bankuna dabam take, domin masu ajiya suna gaban sauran masu bin bashi, kuma Hukumar Inshorar Ajiya ta biya kowannensu har iyakar Naira miliyan 5. Amma abin da ya haura haka sai da ya jira sayar da kadarori, kuma rabon farko a Afrilu, 2025, kwabo 9.2 ne a kan kowace Naira.

Saboda haka, kafin a ba kamfani kaya bashi, ya kamata a bincika a Hukumar Rajistar Kamfanoni, inda ake rubuta jinginar da ke kan dukiyarsa. A kuma adana takardar shaidar kai kaya, domin wakilin kotu sai ya ga hujja yake sa sunan mutum cikin rabo.