Yadda mai neman aikin gwamnati zai bayyana shekarun da ya yi ba ya aiki a ɗan gurbin fom

Fom ɗin neman aiki da ake cikewa ta intanet kan ware ɗan ƙaramin gurbi, inda ake buƙatar mai nema ya yi bayanin duk wani lokaci da ya yi a zaune ba aiki, ba karatu. Gurbin bai cika wuce layi uku ko huɗu ba, kuma a nan ne mutane da dama ke rasa damar a kira su zuwa ganawa.

Ga mai neman aikin gwamnati a Nijeriya, abin da ake so a wannan gurbi shi ne bayanin da ya dace da takardun da zai gabatar ranar tantancewa. Jami'in da ke duba fom ba ya neman labari mai sosa rai. Yana son ya tabbatar cewa babu wata shekara da ta ɓata a tarihin mai nema, kuma babu abin da aka ɓoye masa.

Dalili kuwa shi ne, hukumomi irin su Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kan jera takardun mutum bisa kwanan wata: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar kammala sakandare, takardar digiri, takardar kammala hidimar ƙasa ta NYSC, sai takardun kama aiki da na barin aiki. Inda kwanakin suka bar rata, a nan jami'i zai tsaya da tambaya.

Saboda haka, kafin a taɓa fom, ya kamata mai nema ya shimfiɗa takardunsa, ya rubuta wata da shekarar da ke kan kowace. Daga nan zai ga ainihin inda ratar take da kuma tsawonta.

Ba kowace rata ce ke buƙatar dogon bayani ba. Jinkirin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya haddasa, kamar na 2020 da ya kai kimanin wata tara da na 2022 da ya kai wata takwas, yana cikin shekarun karatu ne, kuma takardar digiri ta riga ta nuna shi. Ratar da ke buƙatar bayani ita ce wadda ta zo bayan kammala karatu ko tsakanin wani aiki da wani, musamman idan ta haura wata shida.

Bayani mai kyau yana ɗauke da abubuwa huɗu: watan da ratar ta fara da wanda ta ƙare, dalili a jimla ɗaya, abin da aka yi a lokacin wanda ake da shaidarsa, sannan tabbacin cewa dalilin ya kau.

A ɗauki misalin wata mata da ta karanta ilimin akanta, ta kammala hidimar ƙasa a watan Oktoba na 2019. Ta fara aiki a sashen kuɗi na wata makaranta mai zaman kanta a Kaduna a watan Janairu na 2020, ta ajiye aikin a watan Agusta na 2021 domin jinyar mahaifiyarta. A wannan tsakanin tana riƙe wa shagon ɗinki na yayarta littafin ciniki, kuma ta halarci kwas ɗin sarrafa kwamfuta na wata uku. Jinyar ta ƙare a watan Maris na 2023.

Idan ta rubuta "matsalolin iyali" kawai, ta bar jami'i da zato iri-iri. Idan kuma ta shiga ba da labarin asibiti da kuɗin magani, gurbin zai cika kafin ta kai ga abin da ake nema. Abin da ya fi dacewa ta rubuta, da harshen da fom ɗin ya buƙata, wanda galibi Turanci ne, shi ne mai wannan ma'ana:

"Daga Satumba 2021 zuwa Maris 2023 na ajiye aiki bisa raɗin kaina domin jinyar mahaifiyata. A lokacin na riƙe littafin ciniki na wani shagon ɗinki, kuma na kammala kwas ɗin kwamfuta na wata uku. Jinyar ta ƙare, a shirye nake in kama aiki a duk inda aka tura ni."

Wannan bayani bai kai haruffa 300 ba, amma ya amsa duk tambayoyin da jami'i zai yi. Kwanakinsa sun haɗu da na takardar barin aikinta, ya nuna ba korarta aka yi ba, kuma ya rufe da batun da ya fi damun mai ɗaukar ma'aikata, wato ko za ta iya tsayawa a bakin aiki. Bai ambaci irin ciwon ba, domin wannan sirrin iyali ne da fom bai buƙata.

Idan tsakanin Maris na 2023 da ranar cike fom akwai wasu watanni, sai ta ƙara gajeriyar jimla cewa tun daga lokacin take neman aiki. Rashin samun aiki dalili ne karɓaɓɓe, kuma ba abin kunya ba ne a rubuta shi kai tsaye.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne miƙe kwanakin aikin baya domin a rufe ratar. Da matar nan za ta rubuta cewa ta ci gaba da aiki a makarantar har zuwa 2023, takardar barin aikinta za ta ƙaryata ta. Ga wanda ya yi aiki a inda ake zuba kuɗin fansho bisa Dokar Gyaran Fansho ta 2014, bayanan asusunsa suna nuna watan da aka daina zuba masa kuɗi. Dokokin aikin gwamnati kuma sun lissafa ƙaryata takardu da ɓoye bayanai cikin manyan laifuka, waɗanda kan iya kai mutum ga kora ko da ya daɗe da kama aiki.

Kuskure na biyu shi ne ɗaga ƙaramar sana'a ta zama babban muƙami. Wanda ya riƙe shagon POS ko ya yi noma da damina ya rubuta haka, kada ya kira kansa babban manajan kamfanin da ba shi da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC. Haka kuma wanda ya yi shirin N-Power da aka fara a 2016, ya sanya shi a jerin ayyukan da ya yi, domin ba zaman banza ba ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin ajiye aiki, rage ma'aikata da kora. Wanda aka sallama saboda wurin aikinsa ya rage ma'aikata, kamar yadda ya faru da mutane da yawa a lokacin annobar korona a 2020, ya faɗi haka a jimla ɗaya ba tare da zagin tsohon wurin aikinsa ba. Wanda aka kora bisa laifi kuwa, idan fom ya yi tambaya a kan haka, wajibi ne ya amsa da gaskiya.

Ta fuskar cikewa, ya fi kyau a fara rubuta bayanin a wani wuri dabam, a ƙirga haruffansa, sannan a kwafa shi zuwa gurbin. Shafuka da dama suna lissafa tazarar da ke tsakanin kalmomi a matsayin harafi, kuma wasu kan yanke abin da ya wuce iyaka ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya ba ma'aikacin shagon intanet ya cike masa, ya karanta abin da aka rubuta kafin a aika, sannan ya adana kwafinsa, domin a kan waɗannan jimloli za a yi masa tambaya ranar ganawa.