Ƙanƙara Ba Ta Kashe Ƙwayar Cuta

A azumin da ya wuce, ana saura kamar minti ashirin a sha ruwa, na tsaya wajen wani mai sayar da ƙanƙara a bakin titi. Rana ta dafa kowa, layi ya yi tsawo, shi kuma yana zaro sandunan ƙanƙara daga cikin buhu yana sara da adda a kan wani katako da ƙura ta rufe. Wani gutsure ya suɓuce ya faɗi a gefen kwata. Ya ɗauka, ya goge da gefen rigarsa, ya jefa a ledar wani yaro. Na ce, “Haba malam, wannan fa a zoɓo za a saka ta.” Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Yallaɓai, ai ƙanƙara ce. Wace cuta ce za ta rayu a wannan sanyin?” Mutanen da ke layi suka yi dariya, wani dattijo ma ya gyaɗa kai alamar an faɗi gaskiya.

Na gaji da jin wannan magana. Na ji ta a bakin ’yan talla, na ji ta a bakin matan gida, na ji ta har a bakin wani mai digiri. Ba gaskiya ba ce. Abin da ke kashe ƙwayar cuta a ruwa shi ne tafasa ko maganin kulorin. Sanyi kuwa kwantar da ita yake yi, ta daina hayayyafa, ta yi lamo tana jira. Wasu ƙwayoyin kan mutu wajen daskarewa, amma waɗanda suka rage sun isa su kwantar da mutum. Da zarar ƙanƙara ta narke a kofi, ta gangara cikin ɗumin hanji, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya.

Duk mai shakka ya tambayi ma’aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti: idan suna son adana ƙwayar cuta don su sake bincikenta bayan shekara biyar, ina suke ajiye ta? A firiza, mai sanyin da ya ninka na gidajenmu nesa ba kusa ba. Wato abin da masana ke yi don kada ƙwayar ta mutu, shi ne mu muke yi muna cewa mun kashe ta. Ƙwayar taifot tana iya yin makonni a cikin ƙanƙara da ranta. Ƙwayoyin da ke kawo ciwon shawara ta hanyar ruwa ko a jikinsu. Ta kwalara ce ma mai ɗan rauni a gaban sanyi, amma ita ma tana kai kwanaki, alhali ƙanƙarar kasuwa ana daskarar da ita jiya ne a sha ta yau.

Kuma ba hasashe ba ne. A 1987, a jihohin Fensilbeniya da Delawaya na Amurka, an ƙiyasta cewa mutane fiye da dubu biyar sun kamu da amai da zawo. Da aka bi sawu, sai aka tarar ƙanƙara ce daga masana’anta guda, wadda ambaliya ta gurɓata rijiyar da take ɗiban ruwa. A 1991 kuma, lokacin da kwalara ta ɓarke a ƙasar Peru, masu bincike a birnin Piura sun gano cewa ƙanƙarar da ’yan talla ke sakawa a abin sha tana cikin hanyoyin da cutar ta bi ta yaɗu. In haka ta faru da ƙanƙarar masana’anta, me za a ce da wadda aka ƙulla a leda a bayan gida da ruwan ’yan garuwa?

Akwai masu cewa, “To ai ruwan garai-garai yake, ka ga ƙanƙarar kamar madubi.” Mun taso da sanin cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba yana yin tsarki, kuma wannan hukunci yana nan daram a babin alwala. Amma ƙwayar taifot ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ruwa yana iya halatta a yi alwala da shi, kuma ya sa gudawa in an sha. Shi farin da ake gani a tsakiyar sandar ƙanƙara yawanci iska ce da gishirin ruwa, domin ruwa daga gefe yake fara daskarewa, yana tura abin da ke cikinsa zuwa tsakiya. Ka narkar da gutsure a farin kofi: in ka ga laka ko yashi sun kwanta, ka san ruwan bai da kyau. In ba ka ga komai ba, ba ka san komai ba. Haka alif: yana kwantar da laka ruwa ya washe, amma ba ya maye gurbin tafasa.

Bari mu bi bokitin zoɓo guda daga madafa zuwa bakin makaranta. Mu ɗauka bokitin lita ashirin ne. Uwar gida ta dafa zoɓonta da citta da kanumfari, ta tace, ta samu lita shida mai kauri. Wannan ya tafasa, babu matsala a cikinsa. Sai ta sirka da lita goma daga jarkar mai garuwa, ta zuba sukari da fileba, sannan ta jefa sandar ƙanƙara mai lita huɗu da yaro ya sayo. Lissafa: lita goma sha huɗu cikin ashirin ba su ga wuta ba. Amma in ka tambaye ta, da zuciya ɗaya za ta rantse maka dafaffen zoɓo take sayarwa, kuma ba ƙarya take nufi ba. Daga nan sai ƙulli. Ledar ta manne, sai a hura ta da baki ta buɗe, a zuba, a ƙulle da hannun da yanzu ya karɓi canji. In kowane ƙulli rubu’in lita ne, ƙulli tamanin ke nan, ciki tamanin. Sanda ɗaya ta gurɓatacciyar ƙanƙara ta ratsa aji biyu na firamare kafin a tashi tara.

Ko an yi sa’a abin da ke cikin ledar mai tsabta ne, akwai bayanta. Ƙullin zoɓo da fiya wata suna iyo ne a cikin kula ko baho, a ruwan ƙanƙarar da ta narke, wanda hannun mai talla da na masu zaɓe suka yini suna shiga. Mu kuma da haƙori muke ɓula kusurwar leda mu tsotsa. Ruwan da aka tace a kamfani, mai lambar NAFDAC a jiki, sai ya shiga baki tare da ruwan bahon.

Me ya sa ba a zargin ƙanƙara? Saboda cutar ba ta zuwa nan take. Kwalara kan bayyana cikin ’yan awoyi zuwa kwana biyar. Taifot sai ya yi mako ɗaya zuwa uku kafin zazzaɓi ya fara, shawara kuwa ta fi haka jinkiri. Wa zai tuna ƙullin jinjar da ya sha a tasha mako biyu da suka wuce? Sai a ce sanyi ne ya kama shi, ko ya cika cikinsa da ruwa wajen buɗa baki, ko haƙori ne in yaro ne. Mai ƙanƙara kuma yana nan yana cewa shekara goma yake sana’ar nan ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Yaya za a dawo, alhali ba a san daga wajensa ba ne? Ban ce duk gudawa daga ƙanƙara take ba. Ƙuda da ɗanyen ganye da rashin wanke hannu suna da nasu kason.

’Yan’uwa masu wannan sana’a, ku ji tsoron Allah. Na san wuta ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Amma abin da kake zubawa a leda ka daskarar, mai azumi ne zai fara kai shi bakinsa, mai ciki ce za ta sha, yaron goye ne za a ɗiga wa. Gyaran kuma ba tsada gare shi ba. Ruwan da za a daskarar a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a rufe, ya huce. In itace ko gas ya yi tsada, a sayi maganin ruwa na kulorin a kemis, na kwalba ko na ƙwaya, a saka daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti talatin kafin a fara ƙulli. In ruwan ya yi gurɓi, a fara barinsa ya kwanta a tace, domin laka tana cinye ƙarfin maganin. Wanda rijiyarsa ke maƙwabtaka da masai, kamar yadda yawancin gidajen cikin gari suke, kada ya yarda da ita ko da ta fi hawaye haske, musamman da damina. Tazarar da ake so tsakaninsu ta kai mita talatin, kuma gida nawa ne ke da wannan filin? Burtsatse ta fi rijiya aminci, amma tankin da ba a wankewa da jarkar da gansakuka ta fito a cikinta suna ɓata ruwan bayan ya fito. Leda a murza bakinta da yatsu, a zuba da mazurari, a daina hurawa.

Mu masu saye, dabara ɗaya ta fi duk sauran sauƙi: ƙanƙarar da ba ka san asalin ruwanta ba, a bar ta a waje, kada ta shiga ciki. A zuba kunun aya ko zoɓon a gora mai murfi, a jera gorunan a kula, a kewaye su da ƙanƙarar. Sanyin zai ratsa, ruwanta ba zai ratsa ba. In kuma dole sai an saka a cikin fura, a sayi fiya wata da ta daskare daga kamfanin da aka yarda da shi, a wanke bayan ledar da ruwa mai tsabta, a yanka da almakashi, a juye. Mai firiza a gida ya daskarar da tafasasshen ruwansa. Ƙullin da ya kumbura ko kunun da ya fara tsami a zubar. Alama ce wuta ta ɗauke, ya ɗumama, ƙwayoyi sun hayayyafa, aka sake sanyaya shi. Madara da aya ba sa jure wannan kai-komon.

In kuma an riga an kamu, abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa ruwan gishiri da sukari na asibiti, fakiti ɗaya a ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, wato fiya wata biyu. A ci gaba da ba wa mai shan nono nononsa. Idan bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanu suka faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, a ɗauki maras lafiya zuwa asibiti a lokacin, yana kurɓar ruwan a hanya. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kwanta a rana guda, a gaya wa ma’aikacin lafiya abin da aka sha da inda aka saye shi, domin sauran ƙullin bokitin nan suna hannun ’ya’yan maƙwabta.