Kuɗin kirifto mai daidai da dala: yadda ake gane ya fara zamewa

Tun da 'yan kasuwarmu suka mai da USDT ma'ajin dukiyarsu don gudun faɗuwar naira, wata magana ta zama ruwan dare a tsakaninsu, wai duk kuɗin da aka ɗaure da dala ko ya zame zai komo, alhali kuwa hujjarsu guda ce tak, wato abin da ya auku ga USDC a Maris na 2023.

Haƙiƙa irin wannan kuɗi tamkar takardar shaidar ajiyar hatsi ne, wadda darajarta ke rataye ga abin da ke cikin rumbu da kuma buɗuwar ƙofarsa. Sa'ad da bankin Silicon Valley ya rushe, kamfanin Circle mai fitar da USDC ya bayyana cewa dala biliyan 3.3 daga cikin ajiyarsa ta kimanin biliyan 40 ta maƙale a can, sai USDC ya sauka zuwa wajen senti 87. Amma wanda ya yi lissafi ya san giɓin kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai, ko da ba a ceto kome ba, saboda haka mai dala 1,000 da ya sayar a cikin firgici ya yi asarar 130 a kan abin da ya dawo cikin 'yan kwanaki, bayan hukumomin Amurka sun lamunce wa masu ajiya.

Al'amarin UST na Terra, a Mayu na 2022, dabam yake, domin ba dala ce ke bayansa ba, illa LUNA da ake ƙirƙirowa duk lokacin da aka nemi fansa, ga kuma ribar kusan kashi 20 cikin 100 da dandalin Anchor ke biyan masu ajiye UST, wadda ita kaɗai ta isa ishara ga mai hankali. Alamomin kuwa sun bayyana tun farashi yana senti 98: masu ajiya suna ta kwashewa daga Anchor, kuma a kasuwar musaya ta Curve UST ya yi ta taruwa, sauran kuɗaɗen suna ƙarewa, wato manya suna ficewa. Wanda ya fita a nan ya rasa 20 cikin dala 1,000, wanda ya jira kuwa, kafin mako ya cika ya tarar da shi ƙasa da senti 20.

Gafalar da ta fi damuna ita ce duba farashi da naira kaɗai, domin hawa da saukar naira kan ɓoye zamewar senti biyu. Wajibi ne a gwada USDT da USDC kai tsaye, a kuma yanke tun da wuri iyakar da za a fita idan ba a san abin da ke baya ba. Raba dukiya ma sai da bincike, gama DAI ya faɗi tare da USDC a Maris na 2023, saboda a lokacin babban kaso na jinginarsa USDC ɗin ne.