Tsara Lokacin Aiki: Bambancin Tafarki da Sarƙa

Tun wajen 1957 injiniyoyin kamfanin DuPont na Amirka suka soma amfani da dabarar muhimmin tafarki. Ana jera ayyuka bi da bi, jerin da ya fi tsawo shi ke nuna ranar gamawa. Sai dai dabarar tana ɗauka cewa duk sa'ad da aka nemi ma'aikaci za a same shi. Wannan giɓi ne Eliyahu Goldratt, masanin kimiyyar lissafi na Isra'ila, ya nemi cikewa a 1997 da dabarar muhimmiyar sarƙa.

A ɗauka za a gyara ɗakunan gwaji biyu a wata makaranta. Na farko yana bukatar magini kwana 12, sannan mai haɗa wuta kwana 10. Na biyu yana bukatar kafinta kwana 8, sannan mai wuta kwana 10. Lissafin tafarki zai ce kwana 22. To, amma mai wutar ɗaya ne, ba ya rabuwa biyu. Dole ya gama ɗaki na biyu kafin ya shiga na farko: 8 da 10 da 10, kwana 28 ke nan. Wannan jeri da ya tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki yana bin mutum guda shi ne sarƙa.

Goldratt ya lura cewa kowane ma'aikaci yakan ƙara kwanaki a kan ƙiyasinsa don gudun kunya, kuma rarar takan salwanta, domin mutum ba ya dagewa sai wa'adi ya matso, kamar ɗalibi a daren jarrabawa. Saboda haka ya ce a rage kowane ƙiyasi da rabi. Sarƙar ta koma kwana 14. Sai a ɗauki rabin abin da aka zaftare, kwana 7, a ajiye a ƙarshe a matsayin ajiyar aiki duka, wadda kowane jinkiri zai ci daga cikinta. Ranar alkawari ta zama ta 21. Magini ma, da yake ba ya kan sarƙa, an ba shi kwana 6 da ƙaramar ajiya ta kwana 3, domin kada ya tsayar da mai wuta.

Ajiyar ma'aikaci kuwa ba kwanaki ba ce, kuma ba ta ƙara wa jadawali tsawo. Shiri ne na ko-ta-kwana: a aika wa mai wuta saƙo, misali saura kwana biyu kafinta ya gama, ya tanadi wayoyinsa, kada ya karɓi wani aikin.

Da ajiyar ƙarshe ake auna lafiyar aiki. In an cinye kwana 5 daga 7 alhali kashi ɗaya bisa uku na sarƙar aka kammala, lokacin ɗaukar mataki ya yi. Dokar rabi dai ba ta da tushe mai ƙarfi a lissafi. Takan ba dogon aiki ajiya fiye da kima, kuma in ma'aikata suka gane ana zaftare ƙiyasinsu, sai su riƙa ninka shi tun farko.