Wa ya taɓa wannan layin? Yadda ake bin sawu a tarihin Git

A ce wani shagon sayar da kaya a sari yana da 'yar manhaja mai fitar da rasit, kuma mutum uku ne ke kula da ita. Ƙa'idar shagon ita ce duk wanda ya sayi katan goma ko fiye za a yi masa rangwamen kashi 5 cikin 100. Ranar Litinin da safe wani ya sayi kayan naira 40,000. Maimakon a rage masa 2,000, sai rasit ya rage 20,000. Mai shago ya ɗaga waya, masu manhaja kowa ya rantse ba shi ba ne. A irin wannan rana ake sanin amfanin Git.

Git manhaja ce da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin adana tarihin aikin Linux, wanda ɗimbin mutane ke sa wa hannu daga ƙasashe daban-daban. Duk lokacin da mai aiki ya kammala wani gyara, sai ya ajiye shi a matsayin `commit`, wato ajiya guda a cikin tarihi. Kowace ajiya tana ɗauke da sunan mai ita, da lokaci, da ɗan bayanin da ya rubuta, da kuma lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40. Ba wanda ke haddace 40 ɗin. Bakwai na farko kan wadatar.

Mataki na farko shi ne a duba jerin ajiyoyin. Idan ka rubuta `git log` kawai, tarihin aikin gaba ɗaya zai zubo maka, na baya-bayan nan a sama. (Sabon shiga kan maƙale a nan, allo ya ƙi komawa, harafin `q` ne ƙofar fita.) Tunda mun san lissafin rangwame yana cikin fayil guda, gara a taƙaita bincike a kansa:

```
git log --oneline -- farashi.py
9f3c2ab Gyara rubutu
41d7e08 Kara kudin dako
c05b6f1 Fara lissafin rangwame
```

Ajiya uku ne kacal suka taɓa fayil ɗin. Ido zai fi karkata ga ta tsakiya, domin ita ce ta ambaci kuɗi. Ta sama kuwa ta ce gyaran rubutu ne, wa zai zarge ta? Amma bayanin ajiya magana ce ta mutum, abin da ya ga dama ya rubuta, sau da yawa yana sauri zai tashi daga aiki. Bai zama hujja ba sai an buɗe an gani.

Buɗewar ita ce aikin `git show`. Ka ba shi lambar ajiya, kamar `git show 9f3c2ab`, sai ya nuna maka suna da rana da bayani a sama, a ƙasa kuma ainihin abin da ya sauya. Layin da aka cire yana farawa da alamar ragi, wanda aka ƙara yana farawa da alamar tarawa, waɗanda ba a taɓa ba kuma an bar su a kewaye don ka gane wurin. Git ba ya cewa an gyara layi. A wurinsa cire tsohon aka yi aka sa sabo. A tsakiyar gyare-gyaren rubutu na gaskiya, sai ga wannan:

```
-RANGWAME = 0.05
+RANGWAME = 0.5
```

Sifili ɗaya ya faɗi, kashi 5 ya koma kashi 50. Ga inda naira 18,000 ta zurare.

Da ajiya uku abin da sauƙi. Da ɗari uku ne fa? A nan akwai dabarar da na fi ƙauna a cikin `log` baki ɗaya:

```
git log -S"0.05" -- farashi.py
```

Wannan yana tsamo ajiyoyin da yawan bayyanar `0.05` ya sauya a cikinsu kaɗai. A misalinmu biyu za su fito: wadda ta fara kawo lambar, da wadda ta ɓatar da ita. Sai dai a kula, ƙirga yake yi. Idan an ɗauke layin daga saman fayil zuwa ƙasansa, adadin bai sauya ba, don haka ba zai nuna ba.

Shi kuwa `git diff` kwatanta wuri biyu yake yi, ko da akwai ajiya hamsin a tsakaninsu. Idan ka tabbata rasit yana daidai a ajiyar farko, `git diff c05b6f1 9f3c2ab` zai tattara duk bambancin da ke tsakanin wancan lokaci da yanzu. Tsohuwa ake fara rubutawa, sannan sabuwa. In ka juya su, alamomin ma za su juya, ka ga kamar an gyara kuskuren ne alhali a nan aka shuka shi. Wani tarkon kuma: `git diff` shi kaɗai yana nuna gyaran da ke hannunka wanda ba ka riga ka yi wa `git add` ba. Da zarar ka yi, sai ya yi shiru kamar babu komai, sai ka ce `git diff --staged` kafin ka sake ganinsa.

Saura tambayar da mai shago ya fi ƙagauta da ita: wane ne? A nan nake so mai karatu ya ja birki. Sunan da ke layin `Author` ba Git ne ya tantance shi ba. Daga saitin kwamfuta ya ɗauko shi, abin da aka rubuta a `user.name`, kuma kowa na iya rubuta sunan da ya so. A ofishin da mutum uku ke karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya, duk ajiyoyin za su fito da sunan wanda ya fara saita ta. Ban da haka, sunaye biyu Git ke riƙewa, na wanda ya rubuta gyaran da na wanda ya shigar da shi tarihi, amma na farkon kaɗai yake nunawa sai ka ƙara `--format=fuller`.

Wannan ba zato ba ne. A ƙarshen watan Maris na 2021 an cusa ajiya biyu cikin tarihin PHP, harshen shirya manhaja da shafukan intanet masu yawa ke aiki da shi. Ɗaya ta zo da sunan Rasmus Lerdorf, wanda ya ƙirƙiro harshen, ɗayar da sunan Nikita Popov, ɗaya daga cikin manyan masu kula da shi. Bayanin ya ce gyaran kuskuren rubutu ne. Da aka karanta layukan da aka ƙara, sai aka ga ɓoyayyiyar ƙofa ce da za ta ba baƙo damar sarrafa kwamfutar da ke ɗauke da shafi daga nesa. Babu ɗayansu da ya rubuta ta. An cire ta kafin ta shiga fitowar da jama'a ke saukewa, masu PHP kuma suka bar uwar garkensu suka mayar da aikin GitHub. Suna ya yi ƙarya, bayani ya yi ƙarya, layuka masu alamar tarawa ne suka tona asiri.

Akwai hanyar sa wa ajiya hannu da mabuɗin sirri, kuma `git log --show-signature` yana duba sahihancinsa, amma sai in masu aikin sun saba yin hakan tun farko. A shagonmu ba su saba ba. Don haka abin da za a iya gaya wa mai shago da tabbaci shi ne ajiya `9f3c2ab` ce ta cire sifilin. Kafin a kira sunan kowa a gabansa, a fara tambaya wa ke zaune a gaban kwamfutar ranar.