Kwana 28 a Banki: Shaidar Kuɗi Domin Bizar Karatu a Ingila

A Kurya Madaro, kamar sauran garuruwan ƙasar Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, arzikin magidanci ba a banki yake kwana ba. Yana cikin rumbu, da garke, da gonar gado. Idan aka ce wane mai hali ne, kowa ya san buhunan gero da na wake ake nufi. Amma ran da ɗansa ya gama karatu a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, ko wata jami'a, kana ya sami gurbin ƙarin karatu a Ingila, sai magidancin ya tarar ma'aikatan biza ba su san rumbu ba. Abin da suka sani shi ne takardar banki. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu dokar, gama iyalai da dama suna da kuɗin, amma kuskuren kwana ɗaya ya hana ɗansu tafiya.

Da fari, nawa ake nema? Kuɗi iri biyu ne. Na ɗaya shi ne kuɗin makaranta na shekarar fari. Jami'ar da ta karɓi yaro takan ba shi wata lamba da ake kira CAS, tare da bayanin kuɗin karatunsa da abin da ya riga ya biya. Ragowar da bai biya ba ita zai nuna. Na biyu shi ne kuɗin ci da sha da wurin kwana na wata tara. A Nuwamba 2025 gwamnatin Birtaniya ta sa shi fam 1,529 kowane wata ga mai karatu a birnin Landan, fam 1,171 kuwa ga wanda ke wani gari. Sau biyu aka ƙara kuɗin nan cikin 2025 kaɗai, saboda haka a duba gov.uk kafin a fara lissafi.

Bari mu ɗauki misali. A ce kuɗin makarantar yaro fam 15,000 ne a wani gari da ba Landan ba, ya kuwa biya fam 5,000. Saura fam 10,000. Fam 1,171 sau tara ya zama fam 10,539. Duka ke nan fam 20,539. Idan muka ƙaddara fam ɗaya naira 2,000 ne, ana bukatar naira miliyan 41 da dubu 78. Ban da wannan akwai kuɗin biza, da na lafiya, da na jirgi, waɗanda ba su cikin lissafin, bai kuwa kamata a cire su daga ciki ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Dole kuɗin nan ya zauna cikin asusu kwana 28 a jere, ba tare da ya kasa adadin da ake nema ba ko da yini ɗaya. A ce uban ya sayar da shanu da hatsi, kuɗi ya cika ran 1 ga Yuni. Kwana na 28 zai faɗa ran 28 ga Yuni. To, damina ta kama. Ran 20 ga wata sai ya ciri abin sayen taki da biyan 'yan ƙodago, kuɗi ya kasa, kashegari ya mayar. A wurinsa babu abin da ya ɓata, tun da kuɗin ya koma yadda yake. A wurin ma'aikacin biza kuwa ƙidaya ta rushe. Sai a sake farawa daga 21 ga Yuni, ba za ta cika ba sai 18 ga Yuli. Wanda bai lura ba ya miƙa takardar hakanan, za a hana shi, kuɗin bizar da ya biya kuma ya tafi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a bi layin ragowar kuɗi a takardar banki daga sama har ƙasa, a nemi adadi mafi ƙanƙanta. Shi ne za a duba, ba na ƙarshe ba. A tuna kuma banki yakan yanki 'yan kuɗin saƙon waya da na ajiya ba tare da sallama ba.

Takardar ma tana tsufa. Daga ranar ƙarshe da ke jikinta zuwa ranar da aka miƙa neman biza ta intanet kada ya wuce kwana 31. Wanda ya sha wahalar hanya zuwa Kaura ko Gusau ya karɓo takarda, sa'an nan ya zauna jiran CAS har wata ya shige, sai ya sake komawa banki.

Sai batun canji. Ma'aikatan biza suna mai da naira fam bisa farashin da shafin OANDA ya nuna a ranar da aka miƙa nema, ba ranar da aka zuba kuɗi ba, ba kuwa farashin 'yan canji ba. A misalinmu, a ce uban ya zuba naira miliyan 42 yana ganin ya yi rara. Idan fam ya hau zuwa naira 2,100 a ranar, miliyan 42 ɗin fam 20,000 ne kawai, ya kasa da fam 539. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga Yuni 2023 zuwa farkon 2024 ba zai ce muna tsoratarwa ba. A ganinmu a ɗora aƙalla kashi goma cikin ɗari a kan lissafi.

Asusun wa za a nuna? Nan ne dokarsu ta saɓa da zamanmu. A wurinmu ɗa na kowa ne. Kawu, baffa, ko wa yakan ɗauki karatun yaro. Su kuwa asusun ɗalibi suke karɓa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na mai riƙon da kotu ta naɗa; ga mai aure akwai ƙa'ida dabam. Komai arzikin kawu, komai kyan wasiƙarsa, ba za a karɓa ba. Haka ma wasiƙar fasto ko ta dattawan ikilisiya. Masu ɗaukar nauyi da doka ta sani su ne gwamnati, da jami'a, da manyan ƙungiyoyi ko kamfanoni na ƙasa da ƙasa, da makamantansu. Wasiƙarsu kuwa sai ta nuna sunan ɗalibi, da yawan kuɗin, da tsawon lokacin. Idan ta ɗauki kuɗin makaranta kaɗai, iyali su za su nuna na abinci. Maganin kawu da gudummawar ikilisiya ɗaya ne: a zuba kuɗin cikin asusun yaron ko na ubansa tun kafin a fara ƙidayar kwana 28.

Idan asusun uba ne, a haɗa da takardar haihuwar yaro mai sunan iyaye, irin ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar uban mai sa hannu cewa shi ne mahaifi, ya kuma yarda a yi karatu da kuɗin. A gwada sunaye da kyau. Da yawa cikinmu a makaranta mun ɗauki sunan gari, a banki kuwa sunan kaka, sai mutum ɗaya ya zama biyu a takarda. A gyara wannan tun da wuri.

Akwai masu yawo suna cewa za su "cika" asusu da kuɗin haya, ko su buga takardar banki. Doka ta ce kuɗin ya zama wanda yaro zai iya kashewa da gaske, ma'aikatan biza kuma suna iya tuntuɓar banki su tabbatar. Takardar jabu tana iya jawo hanin shiga Birtaniya har shekara goma. Ko an tsallake ma, jami'a za ta nemi ragowar fam 10,000 ɗinta a kan lokaci, idan ba a biya ba tana iya janye sunan yaro ta sanar da hukuma, bizar kuma a yanke ta.