Kunya ce ko ƙi? Yadda saurayi zai gane amsar da ba a faɗa ba

A Kano, da wuya yarinya mai tarbiyya ta dubi idon saurayi ta ce ba ta son sa, balle idan ɗan unguwa ne ko abokin yayanta. Kara ce ke hana ta. Sai ta ɓoye amsar cikin uzuri, shi kuwa mai so ya fassara uzurin da kunya.

A ɗauki misalin saurayin da ke tasowa daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa zance a Tarauni bayan la'asar. Ya aika yaro, aka ce tana aiki. Wani makon ta fito bayan dogon jira, riƙe da hannun ƙanwarta, ta gaishe shi da ladabi, ta ce an bar mata girki. Ya nemi a sa rana, ta ce: "Yaya, karatu ne a gabana yanzu, Allah Ya haɗa ka da wadda ta fi ni." Wannan addu'ar ita ce amsar.

Ga inda bambancin yake. Mai kunya takan sunkuyar da kai, amma idan yau bai yiwu ba, ita za ta ce a dawo jibi, kuma kunyar tana raguwa da sabo. Wadda ba ta so kuwa, uzurinta ba ya zuwa da wata ranar. Ba ta tambayar komai game da kai, saƙon waya sai ya kwana kafin ta amsa da kalma ɗaya. Kada karɓar kyauta ta ruɗe ka, domin mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne a wurinmu. Uzuri ɗaya ba hujja ba ne. Maimaituwarsa ce hujja.

Idan kana kokwanto, tambaya sau ɗaya ta isa, ta bakin yayarta ko ƙawarta, inda faɗin gaskiya ba zai yi mata nauyi ba. In amsar ba ta sauya ba, ka yi mata godiya da fatan alheri a gajarce, ka daina kira da sintiri a layinsu. Kada ka tura manya su matsa wa iyayenta, kada ka yi gorin abin da ka kashe, kada sunanta ya shiga bakin majalisa. Iyayenta kuma ka ci gaba da gaishe su.

Bukhari ya ruwaito labarin Mugis, wanda ya riƙa bin Barira a Madina yana hawaye bayan ta zaɓi rabuwa da shi. Annabi (SAW) ya yi masa ceto a wurinta, ta ƙi, kuma ba a tilasta ta ba. Idan wannan ceton bai zama dole a kanta ba, nacin saurayi ba zai zama ba.